Takardar Ƙarin Girma: A Karanta Kafin a Sa Hannu

A ma'aikatu da kamfanoninmu labarin ƙarin girma kan riga takardarsa isowa. Maigida ya kira ma'aikaci ofis ya ce masa daga wata mai kamawa shi ne shugaban sashe, abokan aiki su yi ta barka, har a gida a yi walima. Amma maganar baki ba ta biyan albashi, kuma idan maigidan ya sauya wurin aiki, alkawarin kan tafi tare da shi. Abin da ke tabbatar da ƙarin girma shi ne takarda mai kwanan wata da sa hannun wanda ke da ikon bayarwa. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ma, a sashe na 7, ta ce idan aka sauya sharuɗɗan aikin ma'aikaci, wajibi ne a sanar da shi a rubuce cikin wata ɗaya. Dokar ba ta haɗa da masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru ba, shi ya sa su abin da aka rubuta a takardarsu ne babban makaminsu idan magana ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Mu ɗauki misalin wani mai kula da sito a wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano. Albashinsa Naira 150,000 a wata, kuma yana samun kimanin Naira 25,000 na aikin ƙarin lokaci, domin motocin shanshera kan iso da dare. Sai aka miƙo masa takarda cewa ya zama shugaban sito, albashi Naira 190,000, bisa gwajin wata shida. Me ya kamata ya duba?

Da farko sunan muƙamin da ranar da zai fara aiki. Akwai bambanci tsakanin "shugaban sito" da "muƙaddashin shugaban sito". Mai riƙon ƙwarya kujerar ba tasa ba ce, ana iya kawo wani gobe a ce ya koma inda yake, kuma abin da ake ba shi alawus ne da zai tsaya ranar da riƙon ya ƙare. Sannan takardar ta faɗi wa zai riƙa kai wa rahoto, mutum nawa ne a ƙarƙashinsa, da ayyukan da suka hau kansa. Idan a da lissafin buhuna kawai yake yi, yanzu kuma makullin sito na hannunsa, to ya san idan buhu goma suka ɓace shi za a tambaya. Ya kamata a rubuta ko yana da ikon sa hannu a fitar da kaya, da kuma wanda zai gaji tsohon aikinsa. Sau da yawa akan bar wa mutum tsohon aiki a ɗora masa sabo, a ƙarshen takarda kuma a ce "da duk wani aiki da aka ba ka". Wannan jimla ba laifi ba ce idan an riga an jera ainihin ayyukan, amma idan ita kaɗai ce bayanin, a nemi ƙarin haske.

Na biyu shi ne kuɗi, kuma a nan ake bukatar alƙalami da takarda. A ido, mutumin namu ya samu ƙarin Naira 40,000. Sai dai Dokar Fansho ta 2014 ta tanadi a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10. Idan duka albashinsa ake lissafa wa fansho, abin da ake cira zai tashi daga Naira 12,000 zuwa Naira 15,200, ƙarin ya koma Naira 36,800 tun kafin a taɓa haraji. Idan kuma sabon muƙamin na manyan ma'aikata ne waɗanda ba a biya kuɗin ƙarin lokaci, Naira 25,000 ɗin nan ta tafi, abin da ya rage a hannunsa bai kai Naira 12,000 ba, alhali motocin dare shi za su ci gaba da tayarwa daga barci. Wannan ba dalilin ƙin ƙarin girma ba ne, domin asusun fanshonsa na ƙaruwa kuma hanya ta buɗe masa, amma gara ya sani kafin ya ɗauki sabon adashi ko ya sauya wa yara makaranta. Kyakkyawar takarda kan rarrabe gundarin albashi, kuɗin gida, na sufuri da sauran alawus, ta kuma faɗi wane ne ya tsaya.

Ma'aikatan gwamnatin tarayya nasu lissafin ya ɗan bambanta. Matakan albashi daga 01 ne zuwa 17, kuma a ƙa'ida wanda ke mataki na 06 zuwa ƙasa sai ya shekara biyu kafin ya cancanci ƙarin girma, na 07 zuwa 14 shekara uku, na 15 zuwa sama shekara huɗu. Takardarsu kan zo da ranaku biyu: ranar da ake lissafin girma daga gare ta, da ranar da kuɗi zai fara. Ta farko ce ke nuna yaushe mutum zai sake cancanta, ta biyu kuma daga ita ake ƙirga ariyas. Wanda ya rikita su kan yi ta jiran kuɗin da ba za su zo ba.

Na uku, wanda ya fi kowanne hatsari, shi ne sabon lokacin gwaji. Mutumin namu an riga an tabbatar da shi a aiki shekaru da suka wuce. To gwajin wata shidan nan na sabon muƙami ne kawai, ko ya mayar da shi tamkar sabon ɗauka? Idan takardar ta yi shiru, wata rana ana iya cewa bai ci gwaji ba, a sallame shi da gajeren wa'adi irin na sabbin ma'aikata. Don haka ya nemi a rubuta ƙarara cewa idan bai gamsar ba zai koma tsohon muƙaminsa da tsohon albashinsa, kuma shekarunsa na aiki, hutunsa da wa'adin sallamarsa suna nan yadda suke. A kuma rubuta ranar da gwajin zai ƙare, da ma'aunin da za a auna shi: daidaiton lissafin kaya a ƙarshen wata, alal misali, ko kai rahoto a kan lokaci. Idan za a iya tsawaita gwajin, a faɗi iyakarsa. Wata shida ya cika ba a ce komai ba? Ya rubuta wa ofishin ma'aikata yana neman takardar tabbatarwa, kada ya ɗauka shiru amincewa ce.

Neman irin wannan gyara ba rashin godiya ba ne, kuma ana yin sa cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, na gode ƙwarai, sai dai ina roƙon a ba ni kwana biyu in karanta." Bayan an gyara ya sa hannu a kwafi biyu, ya riƙe ɗaya a gida tare da takardar ɗaukarsa aiki. Idan albashin farko ya shigo, ya karɓi takardar bayanin albashi ya gwada ta da abin da aka rubuta masa layi bayan layi, domin kuskuren da aka kama a watan farko gyara ne na kwana ɗaya, wanda kuwa ya shekara sai an yi ta zarya a ofishin kuɗi.