Yadda ɗalibi zai ƙi gurbin jami'a ba tare da ya rufe wa kansa ƙofa ba

Da zarar sakamakon BAC ya fito, ɗaliban Madawa, Buza da Keita sukan ajiye takardunsu a jami'a fiye da ɗaya. Idan guda biyu suka karɓe su, da yawa sai su bi ɗaya, su yi shiru da ɗayar. Shirun nan yana riƙe gurbin da wani ke jira, yana kuma barin takardun mutum a ofishin da ya daina zuwa.

A ɗauki misalin ɗalibar Madawa da Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ta karɓa a fannin tattalin arziki, daga baya sunanta ya fito a tsangayar kiwon lafiya ta Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maraɗi. Ta zaɓi Maraɗi. Bai kamata ta gaggauta sallamar Tawa ba, domin ganin suna a jikin allo bai zama rajista ba. Sai ta biya kuɗi a Maraɗi, ta riƙe rasit da takardar shaidar rajista a hannu, sannan ta rubuta wasiƙar janyewa. Wanda ya juya wannan tsari, idan aka gano gyara a takardunsa, zai iya wayar gari babu ko ɗaya.

Wasiƙar da Faransanci ake rubuta ta, zuwa ga shugaban tsangaya, a miƙa ta ofishin rajistar ɗalibai. Layi biyar ko shida sun isa: cikakken suna kamar yadda yake a takardar haihuwa, fannin da aka ba ta, shekarar karatu, godiya, sai jimla guda da ke cewa ta yi rajista a wata jami'a kuma ta saki gurbin. Ba a kwatanta jami'o'in biyu, ba a kuma cewa "wataƙila". Ta kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata ta dawo da shi. Idan ta bar asalin wata takarda a can, ranar ce ta karɓa. Saƙon waya ga wani malami ko ɗan garinsu ba ya shiga kundin ofis, ko da ladabi ya sa a fara sanar da wanda ya taimaka.

Mai neman tallafin hukumar ANAB kuma ya tabbatar takardunsa na ɗauke da sunan jami'ar da zai zauna.

Ga waɗanda suka nemi jami'ar Najeriya ta hanyar JAMB, kamar ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, wasiƙa kaɗai ba ta isa ba. A shafin CAPS ake latsa Accept ko Reject, kuma wanda ya riga ya amshi gurbi ɗaya, tsarin ba ya ba shi wani.