Yadda masu gem ke gano matakin da ya sa ka goge shi daga waya

Duk wanda ya buga Candy Crush Saga tun farkon fitowarsa a 2012 zai iya tuna mataki na 65. Mutane sun yi kwana da kwanaki a kansa, wasu suka haƙura da gem ɗin gaba ɗaya. Daga baya kamfanin King ya sassauta shi. To ta yaya kamfani ke sanin inda mutane ke maƙalewa, alhali bai tambayi kowa ba?

Wayarka ce ke faɗa masa. Idan ka sauke gem, yana ba wayar wata lamba ta kawai, wadda ba sunanka ba ce, ba kuma lambar layinka ba. Duk sanda ka fara mataki, ko ka ci, ko ka faɗi, sai ɗan saƙo ya tafi da wannan lambar, da matakin, da lokacin. Ba su damu da ko wane ne kai ba, yawan mutanen suke ƙirgawa.

Mu ɗauki misali. A ce mutum 1,000 sun iso mataki na 20. Kowane mataki a baya mutum 20 ko 30 ne ke zubewa, amma a nan 300 suka ɓace. Akwai matsala ke nan. Sai dai wahala kaɗai ba laifi ba ce. Idan mutum ya faɗi sau 15 kuma gobe ya dawo, matakin na riƙe da shi, ba a taɓawa. Wanda ake tsoro shi ne wanda ya faɗi sau uku, aka yi mako ba a sake ganin lambarsa ba.

Daga nan sai a duba yadda ake faɗuwar. In saura ƙiris ake faɗi, ƙara motsi biyu ko uku ya isa. In kuwa tun da nisa ake faɗi, wataƙila mutane ba su gane abin da ake so su yi ba ne, bayani za a gyara. Kuma ba kowa ake ba gyaran nan take ba. Rabi su samu sabon, rabi su zauna da tsohon, a ga inda aka fi dawowa.

Amma fa lissafin na iya yaudara. Wanda cajinsa ya ƙare a go-sulo tsakanin Agege da Oshodi, a wurinsu kamar ya yi fushi ne ya fita. Waya ɗaya da yara huɗu ke karɓa-karɓa, mutum ɗaya ce a lissafi. Wanda ya sauya waya kuma, in bai haɗa gem ɗin da wani asusu ba, an rubuta ya gudu, ga shi ya dawo a matsayin baƙo. Shi ya sa ake raba bayanan bisa irin waya. In masu ƙananan wayoyi ne kaɗai ke ɓacewa a mataki na 20, to gem ɗin ne ke sanƙarewa a hannunsu, ƙarin motsi ba zai dawo da ko mutum ɗaya ba.