Ko Ka Sani? Manhajar Kanti Takan Rubuta Ciniki Daban, Biya Daban

Rasit ɗin da ake miƙa wa mai saye a kanti takarda ɗaya ce, amma manhajar da ta buga shi abubuwa biyu take adanawa a wurare biyu: bayanin kayan da suka fita daga kanti, da bayanin kuɗin da suka shigo a madadinsu. Abin da ke ɗaure su wuri guda shi ne lambar ciniki, wato lambar da manhaja ke bai wa kowane ciniki shi kaɗai, wadda ba ta sake bai wa wani ko da an soke na farkon. Raba su da aka yi shi ne ya sa mutum zai iya biyan kaya ɗaya da hanyoyi biyu, ko ya ɗauki kaya yau ya biya jibi, kuma a mahaɗar nan tasu ce kurakuran lissafin kanti da dama ke fitowa.

Ciniki yana farawa ne lokacin da mai karɓar kuɗi ya haska zanen layukan da ke jikin kaya, ko ya zaɓi sunan kayan da hannu. Zanen ba ya ɗauke da farashi. Lamba ce kawai, galibi mai alƙaluma 13, kuma kayan da aka yi wa rajistar lamba a Najeriya da 615 suke farawa. Manhaja takan ɗauki lambar ta nemo sunan kayan da farashinsa a jerin hajar da mai kanti ya shigar tun farko, sannan ta buɗe wa kowane nau'in kaya layinsa, inda take rubuta adadi da farashin guda da ragin da aka yi, idan an yi. Manhaja mai inganci takan kwafe farashin wannan lokacin ta liƙa shi a layin, domin idan mai kanti ya ƙara wa taliya kuɗi a mako mai zuwa, cinikin yau ya ci gaba da nuna abin da aka biya yau. Muddin ba a zaɓi hanyar biya ba, cinikin a buɗe yake, ana iya ƙara kaya ko a cire.

A ɗauki misalin wani kantin kayan masarufi, da farashin da aka sa don misali kawai. Mai saye ya ɗauki katan biyu na taliya a kan naira 18,500 kowanne, da kwalabe uku na man gyaɗa a kan 4,200, da sabulu huɗu a kan 600, jimilla naira 52,000. Tsabar kuɗin da ke aljihunsa 20,000 ce, don haka ya tura ragowar 32,000 ta wayarsa. Idan aka shigar da abin yadda ya faru, ga abin da manhaja za ta ajiye:

```
ciniki 1047   jimilla 52000
biya 2210   ciniki 1047   Cash       20000
biya 2211   ciniki 1047   Transfer   32000
```

Ciniki ɗaya ne, amma layin biya biyu, kowanne da lambarsa da hanyarsa da adadinsa, dukansu kuma suna nuni ga 1047. Ƙa'idar da manhaja ke bi mai sauƙi ce: ba ta rufe ciniki sai jimillar layukan biya ta kai jimillar kaya. Da zarar ta kai, sai ta rage katan biyu da kwalabe uku da sabulu huɗu daga lissafin hajar da ke kanti, ta rubuta lokaci da sunan wanda ke bakin aiki, ta fitar da rasit. Ana tsara waɗannan matakai ta yadda ko dai duk su auku tare ko kuma babu wanda zai auku, don kada wuta ta ɗauke a tsakiya a wayi gari kaya sun ragu a lissafi alhali babu biyan da aka rubuta.

Abin da ya fi cancantar a fahimta shi ne cewa manhaja ba ta san dukan hanyoyin biya daidai wa daida ba. A tsabar kuɗi, ba ta ganin komai, maganar mai karɓar kuɗi take ɗauka. Idan kaya na 4,300 ne aka miƙo 5,000, takan nuna canjin 700, amma 4,300 take rubutawa a matsayin biya, tunda shi ne abin da ya zauna a durowa.

Kati kuwa ya danganta da yadda aka haɗa kayan aikin. A kantuna da yawa na'urar kati daban take da manhajar ciniki, mai karɓar kuɗi ne ke buga adadin a na'urar da hannunsa, idan ta amince sai ya juyo ya latsa `Card` a manhaja, kuma babu abin da ya haɗa biyun sai shi. A inda aka jona su, manhaja ce ke aika adadin ga na'urar, ta jira amsar bankin mai kati, wadda ke zuwa da gajeriyar lamba: `00` na nufin an amince, `51` kuɗin asusun ba su isa ba, `91` kuma ba a samu bankin mai kati ba. Sai amsa ta zo da `00` take rubuta layin biya, tare da wata lamba mai gurbi 12 da ake gani a rasit ɗin na'urar da sunan `RRN`. Wannan lamba ce shaidar da ake bi idan gardama ta taso, musamman a yanayin nan da aka saba gani, inda aka cire wa mai saye kuɗi amma amsa ba ta dawo wa na'urar ba saboda matsalar sabis. A wurin manhaja ba a biya ba, ciniki yana nan a buɗe, kuma kuɗin na komawa ne asusun mai kati ta hanyar bankinsa, ba ya isa kanti.

Taransifa ta fi kowace hanya rauni idan ba a jona manhaja da asusun kanti ba, domin latsa `Transfer` ba ya tabbatar da shigowar ko kwabo. Hoton rasit da mai saye ya nuna a wayarsa, ko saƙon alat da ya shigo, duk ana iya ƙirƙirarsu, abin dogaro kawai shi ne ganin kuɗin a cikin asusun kantin kansa. Manhajojin da aka jona da banki sukan warware wannan ta hanyar jiran sanarwar da bankin ke aiko musu kai tsaye, wasu ma sukan samar da lambar asusu ta wucin gadi don ciniki guda, ta yadda duk kuɗin da ya faɗa cikinta an san na wane ciniki ne ba tare da an yi hasashe da adadi ko da lokaci ba.

Bashi ma hanyar biya ce a idon manhaja, ko da yake ba ya kawo kuɗi. Latsa `Credit` yakan rufe cinikin, kaya su ragu, adadin kuma ya hau kan sunan mai cin bashin. Ranar da ya kawo kuɗin, layin biya kawai ya kamata a ƙara a kan sunansa. Idan aka buga shi a matsayin sabon ciniki, kayan za su ragu sau biyu a lissafi, cinikin wata ya kumbura da abin da ba a sayar ba, bashin kuma yana nan a kansa.

Gwajin duk wannan yana zuwa ne lokacin tashi, sa'ad da manhaja ke tattara layukan biya na ranar ta kasa su bisa hanya. A ce an buɗe durowa da safe da canjin 10,000, manhaja ta nuna cinikin tsaba na 186,000, an kuma rubuta cewa an ɗauki 6,000 an sayo man janareta. Abin da ya kamata a tarar shi ne 190,000, amma da aka ƙirga sai aka samu 158,000, giɓin 32,000 ke nan. A irin wannan hali zargi yakan faɗa kan yaron kanti nan take, kuma gaggawar hakan ta sha ɓata tsakanin mutanen da babu wanda ya ci amanar wani a cikinsu. Kafin a ce uffan, asusun banki ya kamata a duba. Manhaja ta ce taransifar ranar 94,000 ce, banki kuwa ya nuna 126,000 sun shigo, rarar 32,000 cif. Giɓi a wuri ɗaya da rara daidai da shi a wani wurin alama ce ta cewa kuɗi bai ɓata ba, hanyar biya aka zaɓa ba daidai ba. Neman taransifar 32,000 a bayanan banki, da gwama lokacinta da lokutan ciniki, zai kai ga 1047, inda cunkoson masu saye ya sa mai karɓar kuɗi ya latsa `Cash` a kan 52,000 gaba ɗaya maimakon ya raba biyan. Jimillar cinikin ranar daidai take tun farko, shi ya sa wanda ke duban jimilla kaɗai ba zai taɓa ganin kuskuren ba.

Sauran matsalolin kowace da irin sawunta. Idan durowa ta cika daidai amma banki ya gaza abin da manhaja ta rubuta da adadin wani ciniki guda, to ko dai alat na bogi aka karɓa ko kuɗin bai riga ya iso ba. Idan kuɗin kati ya shigo asusu da 'yar tawaya, yawanci la'adar kamfanin na'urar ce aka cire, domin manhaja cikakken adadin da mai saye ya biya take rubutawa. Giɓin durowa da babu rararsa ko'ina shi ne ke buƙatar a binciki canji da kuɗin da aka ɗauka ba a rubuta ba.

Gyaran 1047 ba ya buƙatar goge cinikin, kuma manhajar da ke barin kowa ya goge rufaffen ciniki ba tare da ya bar sawu ba tana da babban aibu, domin ta wannan ƙofa ce ake karɓar tsaba sannan a shafe shaidarta. Abin da ake yi shi ne a bar layin 52,000 na tsaba inda yake, a ƙara layin da ke janye 32,000 daga tsaba, a ƙara wani da ke sa 32,000 a taransifa, kowanne ɗauke da lambar 1047 da lokacin gyaran da sunan wanda ya yi shi, wanda a yawancin manhajoji sai mai kanti ko manaja ya sa lambar sirrinsa kafin a karɓa. Bayan haka rahoton ranar zai nuna tsabar 154,000, wadda idan aka haɗa ta da canjin safe aka cire kuɗin mai za ta ba da 158,000 ɗin da aka ƙirga, taransifa kuma ta koma 126,000 kamar yadda banki ya nuna.