Daga fom zuwa waya: saƙon ya zama ƙararrawa kawai

Mai shagon atamfa da ke karɓar oda ta Google Forms ba za ta wuni tana leƙa fom ba, kuma mai sayen da ya ji shiru yakan nufi wani shagon. Maganin ba ya buƙatar iya rubuta manhaja. A Google Forms za ta haɗa fom ɗin da jadawalin Google Sheets, sannan a Zapier ta zaɓi New Spreadsheet Row a matsayin abin da zai tayar da aikin. Sai ta je Telegram wurin @BotFather, ta tura `/newbot`, ta karɓi mabuɗin sirri ta shigar da shi a Zapier, ta saka bot ɗin cikin zauren ma'aikatanta. Saura tsara saƙo: sunan mai saye, irin atamfar, turmi nawa. Daga nan duk sabuwar oda za ta faɗo waya.

Sai dai a ganina kuskure ne a mayar da wannan saƙo littafin ciniki, domin haɗin yakan tsinke ba tare da kowa ya lura ba. Tsarin kyauta na Zapier aiki 100 yake bayarwa a wata, kowane saƙo da ya tafi kuma aiki ɗaya ne. Shagon da ke samun oda biyar a rana zai cinye rabonsa cikin kwana 20, sauran kwanakin waya ta yi tsit alhali oda na taruwa. Akwai kuma abin da hannu ke jawowa. Idan yaron shago ya goge layuka daga tsakiyar jadawalin, ko ya sake jera su bisa haruffa, manhajar tana iya tsallake sababbin oda, saboda matsayin layi take bi. Canza kan ginshiƙi kuwa kan sa saƙo ya iso da gurbi babu komai. Gane matsalar ba wuya: kowace yamma a ƙirga layukan ranar, a gwada da yawan saƙonni. In ba su zo ɗaya ba, a buɗe Zap history a ga inda aka tsaya.

Wani zai ce Google Forms da kansa yana tura sanarwar imel, me ya kawo wahala? Haka ne, ga wanda ke buɗe imel a kai a kai ya isa. Amma sanarwar ba ta shiga zauren da mai ɗauri da ɗan aike suke. Wani kuma zai fi son WhatsApp, tunda can jama'a suke. Hanyarsa ta kasuwanci tana neman samfurin saƙo da Meta ta amince da shi, kuma yawanci da kuɗi, shi ya sa farawa da Telegram ya fi sauƙi.

Lambar waya da adireshin gidan mai saye su tsaya a jadawali. Amana ce aka ba shago, kuma duk wanda ke cikin zauren zai iya tura saƙon gaba.