Gumi ne ke tona asirin firam ɗin tabarau

Wanda ya shiga shagon mai gilashin ido, abu biyu ne kan ja hankalinsa: yadda firam ya zauna masa a fuska, da kuɗin da za a ce ya biya. A cikin sanyin shago kowane firam lafiyayye ne. Sai an shiga watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, gumi na kwarara ta bayan kunne, sannan kowanne yake nuna halinsa.

Abin da ake kira firam na ƙarfe ba ƙarfe iri ɗaya ba ne. Yawancin masu araha ana yin su ne da monel, wato gamin nikel da jan ƙarfe, wanda kusan kashi biyu cikin uku nasa nikel ne. Masu ƙera firam suna son sa don yana lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba, kuma yana karɓar walda. Sai a lulluɓe shi da siririn rufi mai ruwan zinariya ko na azurfa, wani lokaci a bi da fenti. Muddin rufin nan yana nan, fata ba ta taɓa nikel. Amma gumi ruwan gishiri ne, kuma a hankali yake cin rufin, musamman a cikin hannun tabarau, inda yake gogar gefen kai. Alamar farko ita ce wurin ya dushe ko ya yi kaushi. Daga nan sai koren datti ya fara taruwa a gindin 'yan robobin da ke zama a kan hanci. Wannan koren daga jan ƙarfe yake fitowa, kuma yana nuna cewa gumi ya riga ya isa ga ainihin ƙarfen.

Ga mutane da yawa abin a nan yake tsayawa, firam ya yi muni kawai. Ga wanda jikinsa ba ya jituwa da nikel kuwa, a nan damuwa take farawa. A ɗauki misalin matar da ta san cewa duk sanda ta sa ɗan kunne mai araha sai kunnenta ya yi ƙaiƙayi ya fara ruwa. Ta sayi firam na ƙarfe, ta yi watanni tana sawa lafiya lau. Da zafi ya kankama sai ta ga layin ƙuraje a gefen fuska, daga gefen ido zuwa saman kunne, dama da hagu, daidai inda hannun tabarau yake kwanciya. Za ta iya zargin man shafawa ko ƙurajen zafi, domin borin nikel ba ya fitowa nan take, yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu bayan haɗuwa da fata. Siffar kurjin ce ke tona asiri: ƙurajen zafi sukan bazu duk inda gumi ya taru, wannan kuwa yana bin sawun firam ne. Idan ta ajiye tabarau na wasu kwanaki ta ga wurin ya lafa, ta mayar kuma ya dawo, to ta kusa gano bakin zaren. Likitan fata yana tabbatarwa da gwajin da ake manna wa mutum a baya na kwana biyu. Shi ma firam ɗin ana iya gwada shi da wani ruwan magani da ake shafawa da auduga, in audugar ta yi ruwan hoda, ƙarfen yana sakin nikel.

Jikin da ya fara ƙin nikel ba ya sake shiri da shi. Mata sun fi maza fama da wannan, galibi saboda hujin kunne. Abin ya kai Tarayyar Turai ta kafa doka a 1994 cewa duk kayan da ke daɗewa a jikin fata kada ya saki nikel fiye da rabin maikrogiram a kowane murabba'in santimita cikin mako. Firam ɗin da aka shimfiɗa a tire a bakin titi ba shi da wata shaida cewa ya bi ta wannan ma'auni. Wasu kan shafa farin man farce a hannun tabarau, kuma yana taimakawa na ɗan lokaci kafin gumi ya ɓare shi.

To me matar nan za ta saya? Amsar da ta fi sauƙi ita ce taitaniyom. Ba ya tsatsa a cikin gumi, kuma da wuya a sami fatar da ta ƙi shi. Nauyinsa kusan rabin na monel ne idan girmansu ɗaya, ga shi da ƙarfin da ke ba da damar a ƙera shi siriri, shi ya sa ba ya barin rami a karan hanci. A yankin Fukui na ƙasar Japan aka fara ƙera irin wannan firam a farkon shekarun 1980, kuma har yau garin Sabae da shi aka san shi. Sai dai akwai tarko. Firam ɗin nan da mai shago kan murɗe a gabanka ya saki ya koma daidai, yana cewa taitaniyom ne, sau da yawa gamin taitaniyom da nikel ne, kusan rabi da rabi. Wani kuma hannayen ne kawai taitaniyom, gaban wani ƙarfe ne daban. Mai borin nikel sai ta tambaya ko tsantsa ne, kuma ko duka firam ɗin ne. Aibinsa na biyu, bayan tsada, shi ne gyara. Idan monel ya karye, mai gyaran tabarau zai iya liƙe shi. Taitaniyom kuwa sai da na'urar walda ta musamman, wadda ba kowane gari ake samunta ba.

Asitet shi ne wanda mutane ke kira roba, amma ba robar bokiti ba ce. Daga auduga da ɓargon itace ake samo shi, a yi shi falle-falle, a yanko firam daga ciki. Launinsa ya ratsa jikinsa gaba ɗaya, don haka ba ya ɓarewa, saɓanin roba mai araha da aka zuba a mazubi aka fesa mata fenti. Babu nikel a jikinsa, amma akwai waya a cikin hannunsa, kuma mahaɗarsa ta ƙarfe ce. In ya tsufa ya tsage har wayar ta leƙo, matsalar ta dawo.

A ganina, a ƙasa mai zafi asitet ne ya fi neman haƙuri. Da zafi ake lanƙwasa shi a shago don ya dace da fuska, kuma zafin ne ke warware wannan saitin. Wanda ya bar shi a gaban mota da rana tsaka zai iya tarar da shi ya buɗe, ya daina kama kai. Ya fi kauri, yawanci ya fi nauyi, ya fi rufe fata, kuma galibinsa ba shi da 'yan robobin hanci da ake matsewa, don haka da an yi gumi sai ya riƙa zamewa, musamman ga mai faɗin hanci. Bayan shekaru gumi kan bar masa farin tabo a hannu, ya bushe, ya zama mai saurin karyewa. Wanke shi da ruwa da ɗan sabulu da yamma yana jinkirta hakan sosai, kuma haka yake ga firam na ƙarfe.

Idan kuɗin taitaniyom tsantsa ya gagara, akwai tsaka-tsaki: firam na bakin ƙarfe marar tsatsa, irin na cokula masu kyau. Yawanci akwai nikel a cikinsa, amma a ɗaure yake, kaɗan yake saki, kuma masu borin da yawa suna sa shi lafiya. Wanda borinsa ya yi tsanani gara ya ɗauki asitet mai kyau, ya nemi wanda aka sa wa robobin hanci, ya kuma riƙa komawa shago ana sake saita masa shi idan ya fara zamewa.