Sanarwar tallafin karatu da ba ta da rana, ba ta da sharaɗi

Duk lokacin da aka buɗe wani shirin karatu ko na koyon sana'a, kafin jami'an da ke kula da shi su yi bayani, hoto ya riga ya zagaye wayoyin matasan Gwandu da Kalgo. Tambarin gwamnati a sama, a ƙasa kuma layi biyu: an buɗe tallafi ga ɗalibai, a hanzarta kafin a rufe. Ba a faɗi wa ya cancanta ba, ba a faɗi ranar rufewa ba, ba a faɗi abin da mutum zai riƙe a hannu ba. Masu rubuta irin wannan suna ganin layukan nan talla ce kawai, cikakken bayani yana can a shafin hukuma. Wannan tunani ne ya kamata a kawar. Ga mafi yawan masu nema, waɗannan 'yan layuka su ne kaɗai takardar da za su karanta kafin su yanke shawarar kashe kuɗin mota da na data.

Bashin karatu na NELFUND ya nuna irin ɓarnar. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokarsa ta yanzu ranar 3 ga Afrilu, 2024, aka buɗe shafin nema ranar 24 ga Mayu. A zagayen farko ɗaliban manyan makarantun gwamnatin tarayya ne kaɗai aka karɓa. Ma'ana, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, yana iya nema, amma maƙwabcinsa da ke karatu a jami'ar jiha ta Aliero sai ya jira lokacin da aka shigar da makarantun jihohi. Jimla ɗaya ta isa ta raba waɗannan biyun. Sanarwar da ta ce "duk ɗalibai" ta tura na biyun ya yi ta fama da shafi, ya ƙare da cewa an nuna masa bambanci ko sai da hanya.

Sharaɗin cancanta ma ba ya zama wuri ɗaya. Dokar farko ta 2023 ta ce sai wanda kuɗin shigarsa ko na gidansu bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa. Dokar 2024 ta soke duka biyun. To amma saƙo a waya ba ya mutuwa. Wanda aka rubuta bisa tsohuwar doka, in ba shi da kwanan wata, zai ci gaba da yawo, kuma ɗan manomin da ba shi da babban ma'aikaci ko lauya da zai tsaya masa zai karanta ya haƙura, alhali an cire masa wannan shinge. Mafi muni shi ne kiran shirin da sunan kyauta. Bashi ne marar ruwa. Kuɗin makaranta ana biyan makarantar kai tsaye, wanda ya nemi na kashewa ana ba shi naira 20,000 a wata, biya kuma yana farawa shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Uba yana da haƙƙin sanin cewa ɗansa bashi zai ci, da kuma cewa babu ruwa a ciki, domin a ƙasar Gwandu wannan tambaya ce ta addini kafin ta zama ta aljihu.

Za a ce ai sanarwa ba littafi ba ce, wa zai karanta dogon rubutu a ƙarƙashin hoto? Gaskiya ne, amma abin da ake buƙata bai wuce layi shida ba. Da sanarwar watan Mayun 2024 ta ce: bashin karatu ne marar ruwa daga gwamnatin tarayya, a wannan zagaye na ɗaliban jami'o'i da kwalejojin tarayya ne, a tanadi lambar JAMB da NIN da BVN da lambar ɗalibi ta makaranta, a nema a nelf.gov.ng kaɗai, ba a biyan ko sisi, sai kuma ranar buɗewa da ta rufewa, kowace da shekararta, da ya wadatar. Wannan bai fi tsawon katin gayyatar ɗaurin aure ba, kuma ba wanda ya taɓa buga kati ya bar rana da wuri don gudun tsawo.

A kan matakan nema ne ya dace a ƙara layi ɗaya da kusan kullum ake mantawa. Kafin ɗalibi ya iya nema, sai makarantarsa ta ɗora bayanansa a shafin hukumar, kuma ana gwada abin da ya shigar da wanda ke kan NIN da BVN. A yankinmu nan ne ake yawan tuntuɓe: Muhammad a takardar JAMB, Mohammed a banki, sunan kaka ya shigo a wata takarda ya ɓace a wata, ko shekarar haihuwa ta sha bamban. Alamar ita ce shafin ya ƙi gane mutum duk da ya rubuta lambobinsa daidai. Maganinta ba sake gwadawa sau ashirin a shagon intanet ba ne. Zuwa ofishin makaranta ne, ko banki, ko hukumar katin ɗan ƙasa, kuma gyaran ba na yini ɗaya ba ne. Wanda aka gaya masa tun ranar farko yana da lokaci. Wanda ya gano a makon ƙarshe ya rasa.

Wata hujjar jami'ai ita ce ranar rufewa tana iya canjawa, don haka gara a yi shiru. Tana canjawa kam. Rajistar N-Power rukunin C, ta matasa masu shekara 18 zuwa 35, an buɗe ta ranar 26 ga Yuni, 2020, aka ƙara wa'adi zuwa watan Agusta, fiye da mutum miliyan 5 suka nema. Amma in an ƙara wa'adi, sabuwar sanarwa ake fitarwa mai ɗauke da sabuwar rana, a ce ta soke ta baya. Shirin ya kuma koyar da wani abu: cika fom ba shi ne ƙarshe ba. A 2021 an buƙaci masu nema su koma shafin NASIMS su sabunta bayanansu su rubuta gwaji. Wanda ya ɗauka ya gama tun 2020, bai kuma duba imel ɗin da mai shago ya buɗe masa ba, sai labari. Sanarwar kirki tana faɗin mataki na gaba da inda za a ji shi.

Sakacin ba na ofis kaɗai ba ne. Mai tura saƙo ba tare da ya duba ba shi ma yana da kaso, domin a cikin wannan duhun ne 'yan damfara ke cin kasuwa: su kwafi tambari, su sa adireshin da ba ya ƙarewa da .gov.ng, su nemi kuɗin fom ko lambar sirri ta katin banki. Muddin sanarwar hukuma ba ta fi tasu bayani ba, matashi ba shi da ma'aunin da zai bambance su.

Hukumar tallafin karatu ta Jihar Kebbi, da sakatariyoyin ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo, da ƙungiyoyin ɗalibai, su riƙa fitar da kowace sanarwa da Hausa tare da Turanci, da kwanan wata a jikin hoton kansa, a manna a allon sanarwa, a karanta a rediyo. Mai karatu kuma, in saƙo ya zo ba sharaɗi, ba rana, ba sunan hukumar da ta fitar, kada ka tura shi gaba sai ka tambaya a ofishin harkokin ɗalibai na makaranta mafi kusa.