Yadda Ake Sassauta Taƙaitaccen Tarihin Mai Fasaha Ba Tare da Rage Masa Ƙima Ba

Taƙaitaccen tarihi shi ne 'yan layukan da ake bugawa a bayan littafi, ko waɗanda mai gabatarwa yake karantawa a taro kafin ya miƙa wa baƙo abin magana. Marubuta da masu shirya fim da masu zane sukan ciro nasu ne daga takardar neman aiki: an haife shi a gari kaza, ya yi firamare da sakandare, ya halarci tarurrukan ƙara wa juna sani, yana da aure da 'ya'ya. Wannan tsari ya dace da ofis, inda ake tantance takardun shaida. Wanda ya ɗauki littafin labari kuwa so yake ya san me marubucin ya yi, kuma yaya bakinsa yake.

Ƙimar irin wannan rubutu tana cikin abubuwan da za a iya bincikawa a tabbatar, wato sunan aiki, shekara, wurin da aka buga ko aka nuna, da lambar yabo idan akwai. Waɗannan ba a taɓa su. Abin da ake sassautawa shi ne jerin bayanai da kalmomin da suka ɗauko su.

Rayuwar Abubakar Imam za ta iya zama misali. A salon ofis, ga yadda za a rubuta: "An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara a shekarar 1911. Ya samu nasarar halartar Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, daga bisani kuma ya kasance malami. Ya bayar da gagarumar gudummawa wajen bunƙasa harshe da adabi." Babu ƙarya a ciki, amma an yi jimla uku ba a ambaci littafi ko ɗaya ba, kuma jimlar ƙarshe za ta zauna daidai a kan kowane marubuci.

Idan aka sassauta, sai ya koma haka: "Abubakar Imam yana koyarwa a Katsina aka sa gasar rubuta labarai a 1933, ya shiga da Ruwan Bagaja. Daga baya ya rubuta Magana Jari Ce, inda ya bar wa aku ragamar ba da labari. A 1939 ya zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya."

Gyara na farko shi ne an fara da aikin, an bar haihuwa da makaranta. Sai kuma aka sauke kalmomi masu nauyi. "Ya samu nasarar halartar" da "ya kasance" sun ba da wuri ga "yana koyarwa" da "ya shiga", waɗanda su ne mutum zai faɗa idan yana gabatar da abokinsa a zaure. Ita kuwa "gagarumar gudummawa" an maye gurbinta da sunayen littattafai biyu da jarida guda. Batun aku shi ne ɗan gishirin da ya sa rubutun ya yi kama da hira, kuma ya samu shiga ne domin daga cikin aikin ya fito. Irin wannan guda ɗaya ya wadatar. Abin lura shi ne rubutu na biyu ya fi na farko yawan hujja, duk da ya fi shi sauƙi.

Akwai kuma zaɓi tsakanin "ni" da "shi" ko "ita". Inda wani ne zai karanta a gaban jama'a, ko za a buga a bayan littafi, "shi" ko "ita" ya fi dacewa, musamman da yake Bahaushe na cewa yabon kai jahilci. "Ni" ta fi zama daidai a wasiƙar da aka aika wa mawallafi ko furodusa. Haɗa su a rubutu ɗaya kuskure ne. Laƙabi irin su Dakta ko Farfesa ana barin su idan suna da alaƙa da aikin, ko idan taron na jami'a ne.

Sassautawa takan wuce gona da iri ta hanya biyu. Wani yakan koma kirari, ya kira kansa gwani ko fitacce ba tare da ya ambaci aiki ba. Wani kuma yakan cika barkwanci har a rasa sana'arsa. Ana gane duka biyun da gwaji mai sauƙi: a ja layi ƙarƙashin duk abin da baƙo zai iya tabbatarwa. Idan a layi biyar ba a samu abu biyu ko uku ba, rubutun ya yi sako-sako. Sannan a karanta da ƙarfi, duk inda harshe ya sarƙe a sake jimlar.

Sabon shiga da ba shi da littafi ko fim tukuna ya faɗi abin da yake aiki a kai yanzu, da inda ya koyi sana'ar. Wannan ya fi masa aron manyan kalmomi.